Yadda na manta da direba a kasafin kuɗi

A watan Afrilu na 2023 aka ɗora mini tsara kasafin wani bincike kan manoman shinkafa a fadamun Haɗeja. Da yake a ofis ana kirana "Malam Lissafi", sai na rubuta layi guda: tafiye-tafiye, naira 250,000. Akantarmu ta ce, "Malam, a fayyace mana." Na ce, "Hajiya, komai yana kaina."

Ga abin da ke kan nawa: mutum huɗu, kwana uku, kuɗin guzuri naira 20,000 kowane dare, ya kama 240,000. Ragowar 10,000 na mai.

Ranar tafiya na leƙa mota na ƙirga kawuna biyar. Ashe direba ma mutum ne, yana cin tuwo, yana kwana! Sannan ni ranakun aiki na ƙirga, alhali kuɗin guzuri dare yake bi. Mun tashi daga Kano Lahadi da yamma, mun yi aiki Litinin zuwa Laraba, muka juyo Alhamis da safe. Dare huɗu ke nan. Mutum biyar sau huɗu sau 20,000, naira 400,000.

Mai kuwa, kafin mu tafi, ranar 29 ga Mayu aka cire tallafi, litar da na lissafa kan naira 200 ta haura 500. Zuwa da dawowa kusan kilomita 400 ne, amma na manta da zagayen ƙauyuka, wanda ya ƙara wasu 200. Motarmu lita ɗaya take sha a kilomita goma, wato lita 60, sama da naira 30,000. Giɓi ya kai 180,000, ban ma sa 'yan acaɓan da suka shiga da mu inda laka ta hana mota ba.

Babbar rigimar a masauki ta tashi. Ban rubuta ko 20,000 ɗin ta haɗa da kuɗin ɗaki ba. Abokan tafiya suka ce ta abinci ce kawai, ni na ce har da makwanci, kuma babu takardar da za ta raba mu. Suka yi rinjaye. Shugaban tawaga ya kwana kan tabarma a barandar masauki, sauro yana karɓar nasa alawus ɗin.

Yanzu kowace tafiya layi-layi nake zuba ta: yawan mutane har da direba, yawan dare, kuɗin kowane dare da abin da ya ƙunsa, sai kilomita da farashin lita da ranar da aka duba shi. Abin da sai da rasit za a biya, kamar mai, yana gefe guda. Guzuri kuwa sa hannu kawai yake buƙata. Kowa yana ganin takardar kafin a tayar da mota.

Giɓin nan kuwa, da na kai kuka, mai ba da tallafin binciken ya ce abin da ba a rubuta ba, ba a biyansa. Ragon layyata na shekarar ne ya cike shi.