Leƙen Asirin Maƙwabci

A Tudun Wada shinkafa ba abin nema ba ce, mai saye ake nema. Maƙwabcin shagona ya gano haka kafin ni. Kullum daga Kwanar Ɗangora da Tiga, har Doguwa, ana kiransa a waya, ni kuwa ina korar kaji daga bakin buhu. Da na bincika, aka ce Fesbuk ne sirrin.

Na kira ƙanena Ɗan'auta, muka baje littafi, muka bi rubuce-rubucen maƙwabcin talatin na ƙarshe. Kowanne mu rubuta: hoto ne ko bidiyo, me ya fara nunawa, wane lokaci ya saka, me mutane suka ce. Wanda muka ga an rubuta `Sponsored` a kansa muka ware shi gefe, don kuɗi ne suka tura shi, ba daɗinsa ba.

Wanda ya fi kowanne tara jama'a ya ba mu mamaki: sanarwar haihuwa ce. Sharhi rututu, duk "Allah ya raya". Ɗan'auta ya ajiye biro.

"Yaya, ai an gama bincike. Ƙara aure za ka yi."

Na ce ya rage murya, Hajiya na tsakar gida. Nan muka sauya ma'auni. Ɗaga babban yatsa kyauta ne, addu'a ma haka. Muka koma ƙirga masu cewa "nawa ne buhu?" da "kuna kaiwa Kano?" Sai ga gaskiya ta fito: gajerun bidiyo ne, yana cika kwano har ya yi tozo, farashi a bakinsa tun kafin sallama ta huce, kuma bayan isha'i yake sakawa. Wato ba shinkafa yake nunawa ba, tsoron tauye mudu yake cire wa mutane.

Ɗan'auta ya ce mu ma mu auna. Na ƙi. Kwanon maƙwabcina ne, maganarsa ce, garin kuma kowa ya san kowa. Siffar muka ɗauka, gajeren bidiyo da farashi a gaba, muka nemi wani tsoron da bai taɓa ba: tsakuwa.

Hajiya ta dafa, na zauna, Ɗan'auta ya danna `Live` maimakon ya ɗauka mu duba tukuna. Na ce, "Jama'a, shinkafarmu ko tsakuwa ɗaya..." Na kai loma. Ƙaras! Har Bebeji an ji. Na haɗiye da murmushi, hawaye na zuba, na ce yaji ne.

Bidiyon ya fi sanarwar haihuwar tara jama'a. Masu tambayar farashi biyu ne, ɗayansu kuɗin cire haƙori yake tambaya. Maƙwabcina ya rubuto, "Allah ya ƙara sauƙi, Alhaji."

Yanzu shinkafar sai ta bi ta injin cire tsakuwa. Mai so ya zo, amma shi zai fara ɗanɗanawa.