Tsatsa, Lemon Tsami da Akuyar Goggo

A cikin birnin Kano mutum ba ya rasa likita, ko da kuwa rigarsa ce ba ta da lafiya. Ana jibi ɗaurin auren ƙanwata na ɗauko farar babbar rigata ta shadda daga kan wayar shanya, sai ga jan layi ya ratsa kafaɗa. Kafin in kai soro, 'yan majalisar ƙofar gidanmu a Yakasai sun gama bincike: goro ne, a zuba bilic.

Aka zuba. Layin da yake ruwan goro ya koma ruwan ƙasa, ya ƙara zama daram. Ashe tsatsar waya ce. Bilic yana cin tabon goro da na shayi, amma tsatsa ƙarfe ne da ya sha ruwa da iska, shi kuwa bilic aikin da iska ta fara yake ƙarasawa. Tabon da ka ɗiga wa bilic ya ƙara duhu, to ka nemi ƙusa ko waya ko tankin da ya jawo shi.

Goggo, yayar mahaifina, ta leƙo daga ɗakinta ta ce a kawo lemon tsami da gishiri. Na yanka lemo zan matsa ke nan ta daka mini tsawa: "Kai ɗan nan, so kake ka kashe mu? Ɗauraye wannan abin tukuna!" Gaskiyarta. Duk abu mai tsami in ya haɗu da bilic, iskar kulorin yake fitarwa, mai shaƙe maƙogwaro da ƙona ido. Na yi ta ɗauraya har warin ya tafi.

Ga yadda ta sa na yi. Na shimfiɗa farin tsumma a ƙarƙashin tabon don ya tsotse abin da ya narke. Na matse lemo biyu har wurin ya jiƙe sharkaf, na barbaɗa gishiri cokali guda, na kai rana. Tsamin lemon ne ke kama ƙarfen ya narkar da shi yadda ruwa zai iya tafiya da shi. Gishirin riƙe ruwan lemon yake yi a wurin, zafin rana kuma ya gaggauta aikin. Sharaɗin Goggo biyu ne: kada wurin ya bushe, a riƙa ƙara lemo na kamar awa ɗaya, sannan kada dutsen guga ya kusanci rigar sai tabon ya fita, domin zafinsa dasa shi yake yi. Ta kuma sa na kauce wa zaren aikin wuya, don tsami na iya kwashe launinsa.

Tunda lemo ya ragu, na shiga banɗaki. Farin kwanon wanke hannunmu na tangaran ya daɗe da jan zane a ƙarƙashin famfo, saboda ruwan burtsatse da ke kwana a tankin ƙarfe yana ɗiga. Uwargida ta sha dirje shi da soson ƙarfe, wanda ke karce santsin tangaran, ya kuma bar ɓurɓushin da shi ma zai yi tsatsa. Na kwaɓa gishiri da lemo ya yi kauri, na shafe zanen, bayan rabin awa na goge da ɓawon lemon. Na sama ya fita. Wanda ya shige cikin karcen ya ce ba inda za shi.

Irin wannan sai maganin tsatsa na kwalba. Da yawansu asid ɗin okzalik ne, wanda ya fi lemo ƙarfi nesa ba kusa ba: safar hannu, taga a buɗe, mintuna kaɗan, a ɗauraye sosai, a ɓoye wa yara don guba ne. Amma a karanta jikin kwalbar. Akwai masu asid ɗin haidirofulorik, wanda ke cinye ƙyallin tangaran ya bar shi dusu-dusu har abada, kuma yana ratsa fata.

Ina tsaka da wannan ilimi na ji salatin uwargida daga tsakar gida: "Malam, rigarka!"

Akuyar Goggo ce. Ta gano gishiri a kafaɗar shadda, ta lashe shi tas, da ta ga ɗanɗanon ya shiga zare sai ta bi shi ciki. Tsatsa dai ta fita, ba ko alama, tare da wurin da take zaune.

Da yamma na kai rigar wajen masu bugu a Ƙofar Mata, don ruwa ya kashe ƙyallinta. Mai bugun ya zura yatsu uku ta ramin, ya dube ni, ya ce, "Alhaji, asu ne?" Na ce akuya ce. Ya ce to in naɗe hannun rigar a kafaɗa kamar kowa, kuma in an zo fatiha kada in ɗaga hannu da yawa.