Kuɗin da Kowa Ke Bar wa Ɗan'uwansa

A gidajen hayar Hotoro, kuɗi ɗaya ne tak mai gida ke rantsuwa na ɗan haya ne, ɗan haya kuma ya rantse na mai gida ne: kuɗin cizo.

Wani maƙwabcina ya kama ciki da falo, ya biya shekara cif. Dare na huɗu yaransa suka kwana suna susa. Ya haska fitilar waya a ɗinkin katifa, sai ga ɗigo-ɗigon baƙi kamar an yayyafa tawada, wanda kashinsu ne. Ya haska tsagar bango da bayan soket, ya tarar da ɓawon da suka saɓule da fararen ƙwai. Ya ɗauki hoto, ya damƙe uku a kwalba, ya nufi mai gida da shaidunsa.

"Alhaji, barka da hutawa. Na iske waɗansu a ɗakin, ban kuma ga sunansu a takardar haya ba. Wa zai kira mai feshi, wa zai biya?"

"Malam, ba dai da katifarka suka zo ba?"

Tambayar Alhaji tana kan hanya, domin duk shari'ar a kan wanda ya riga shiga ɗakin take. Ƙwan kuɗin cizo yakan ɗauki kwana 6 zuwa 10 kafin ya ƙyanƙyashe, kuma ƙwaron yana iya yin watanni a ɗakin da babu kowa bai sha jini ba. Saboda haka tarin tsohon ɓawo a tsagar bango, kwana huɗu da tarewa, na nufin sun girmi ɗan haya a gidan, feshi ya hau kan Alhaji. Da sai bayan wata takwas suka ɓulla, daidai lokacin da aka sauke kujerar gwanjo, to baƙin ɗan haya ne, shi zai sallame su.

Alhaji ya juya kwalbar, ya amince. Suka rubuta cewa ɗan haya zai kawo mai feshi, ya karɓi rasit, a cire daga kuɗin haya mai zuwa. Wanda ya cire ba tare da irin wannan rubutun ba, a gaban mai unguwa zai yi bayani.

A yi cinikin zuwa biyu da mai feshi, domin feshin farko ba kasafai yake kashe ƙwai ba. Sai an koma bayan kamar mako biyu. A kuma haɗa da ɗakunan da ke manne, in ba haka ba sauya ɗaki kawai za su yi.

Abu ɗaya nake roƙo. Kada tsadar mai feshi ta sa a jefa ƙwayar bom ta buhun wake a ɗakin kwana, ko a malale katifa da fiya-fiya. Iskar bom ba ta tsayawa a ɗaki ɗaya, tana bin silin ta shiga inda yaran maƙwabta ke barci, kuma tana kisa.