Zuwa ga ƙanwata ta aji ɗaya: yadda muke yi da magunguna a ɗakinmu

Ina fatan kin fara sabawa da makaranta, da layin ɗibar ruwa, da lakcar ƙarfe takwas. Inna ta ce kin kira ta kina kukan famakoloji, wai sunayen magunguna sun yi miki yawa, kin haddace da dare, gari na wayewa sun gudu. To, zauna ki ji yadda mu 'yan ɗakinmu muke yi, don wannan kukan babu wadda ba ta ji shi ba a hostel ɗin nan.

Mu ba ma haddace magani ɗaya-ɗaya. Gida-gida muke ɗaukar su, kamar yadda ake sanin mutanen unguwa: in kin san maigidan da halinsa, 'ya'yan ba za su ba ki wuya ba. Masu raɗa wa magunguna suna ma sun sauƙaƙa mana, domin tun 1953 Hukumar Lafiya ta Duniya take tsara sunayen bai-ɗaya, kuma 'yan rukuni ɗaya sukan yi tarayya a ƙarshen suna. Bari in ɗauki magungunan hawan jini, tunda su za ki fi gani a katin marasa lafiya. Wanda ya ƙare da -pril, irin su captopril da lisinopril da enalapril, mai toshe sinadarin ACE ne. Mai -sartan, irin losartan da valsartan, yana toshe ƙofar da anjiyotensin ke shiga. Mai -dipine, irin amlodipine da nifedipine, yana hana kalsiyam shiga tsokar jijiyar jini. Mai -olol, irin atenolol da propranolol, shi ne mai toshe beta. Sai na biyar, masu sa fitsari na gidan tayazaid, shugabansu hydrochlorothiazide. Kin ga sunaye fiye da talatin sun koma gida biyar.

Daga nan sai jadawali. Kwali muke saya, babba, mu kwantar da shi a ƙasa mu ja layi da rula. Kowane gida layi ɗaya a kwance, sannan gurbi shida a tsaye: ƙarshen suna, shugaban gida, yadda yake aiki, wanda ake ba, illarsa, da wanda ba a ba. Ba ma ƙara na bakwai, don da zarar gurabe sun yi yawa kwalin ya koma littafi, ba mai sake kallonsa. Kuma da hannu muke rubutawa. Kwalin wata yana da kyau a ido, amma wadda ta zauna ta yanke shawarar abin da zai shiga gurbi da abin da za a bari, ita ce karatun ya zauna wa.

Gurbi na uku shi ne zuciyar aikin, shi muke fara cikawa. Duba layin -pril ki gani. Aikin ACE a jiki iri biyu ne: yana mayar da anjiyotensin na ɗaya ya zama na biyu, wanda ke matse jijiyoyin jini, yana kuma rusa wani sinadari da ake kira biradikinin. In kika rubuta wannan, sauran guraben da kansu za su cika. An toshe ACE, anjiyotensin na biyu ya ragu, jijiya ta saki, jini ya sauka. Anjiyotensin na biyun ne kuma ke sa a fitar da aldosteron, mai korar fotasiyam ta fitsari, don haka in ya ragu fotasiyam zai taru a jini. Biradikinin kuma ba mai rusa shi, sai ya taru, shi ne busasshen tarin nan da ba ya jin maganin tari, shi ne kuma kumburin leɓe da harshe, wanda ya fi samun baƙar fata, kuma yana iya toshe numfashi. Yanzu sauko layin -sartan. Shi bai taɓa ACE ba, ƙofa kawai ya rufe, biradikinin yana nan ana rusa shi yadda aka saba. Shi ya sa mai tarin lisinopril ake mayar da shi kan losartan. Amma fotasiyam yana hawa a duka biyun, kuma duka biyun ba a ba mai ciki, domin suna lalata ƙodar ɗan tayi. A kwalinmu wannan gurbin da jan biro yake.

Kin lura har yanzu ba mu haddace komai ba? To ga ƙa'idarmu: abin da dalili zai kawo miki, kada ki ɓata masa jimlar tuni. Jimlar tuni, wadda a aji ake ce wa nimonik, muna ajiye ta ne don jerin da ke zillewa, wanda ko kin gane shi sai ɗaya ya maƙale a zauren jarrabawa. Kuma da Hausa muke ƙirƙirar tamu, don abin da bakinki ya saba faɗa shi ya fi saurin zuwa.

Ga yadda ake gina ta. Ki fara rubuta jerin daidai, daga littafi, kada ya wuce abu huɗu ko biyar. Ki ciro harafin farko na kowanne. Sannan ki nemi jimlar da ma'anarta take nuna batun da kansa. Misali, magungunan hawan jini da aka saba ba mai ciki su ne methyldopa, labetalol, nifedipine da hydralazine. Haruffan su ne M, L, N, H. Wata 'yar ɗakinmu ce tana wanke-wanke ta ce: Mai Laulayi Na Hutawa. Shi ke nan ta zauna. Amfaninta shi ne kalmar laulayi da kanta tana gaya miki wannan jerin na masu juna biyu ne. Jimlar da ba ta da alaƙa da batunta, sai ki tuna ta tsaf a jarrabawa, amma ki rasa ta wane magani ce, kuma wannan shi ne babban abin da ke kashe nimonik.

Ta biyu ta tayazaid ce. Suna ɗaga abu uku a jini, suna sauke biyu, kuma a nan kowa ke rikicewa. Masu hawa su ne sukari, urik asid da kalsiyam: S, U, KA. Masu sauka su ne fotasiyam da sodiyam, waɗanda alamarsu a kimiyya K ce da Na. Sai muka haɗa: SUKA hau KANA ƙasa. Ki ga jimlar ta ɗauko sunayen, ta kuma ɗauko inda kowanne ya nufa, sama ko ƙasa. Ana yawan tambayar wannan, domin furosemide, wanda shi ma mai sa fitsari ne amma na wani gidan, zubar da kalsiyam yake yi, ba tara shi ba.

Masu toshe beta kuwa dabararsu tsohuwa ce, mun gada daga na gabanmu: zuciya ɗaya gare ki, beta-1 nata ne, huhu biyu gare ki, beta-2 nasu ne. Propranolol yana toshe duka biyun, don haka yana iya matse hanyar numfashin mai asma. Akwai kuma wata da ke cewa masu farawa da A zuwa M sun fi karkata ga zuciya, irin atenolol, bisoprolol da metoprolol, masu N zuwa Z kuma suna toshe duka, irin nadolol, propranolol da timolol. Tana taimakawa, amma tana da ɓaraka. Nebivolol da N ya fara, kuma na zuciya ne. Carvedilol da labetalol suna farkon haruffa, amma suna toshe beta biyun har da alfa, kuma in kin duba da kyau ƙarshen sunansu ma ya ɗan bambanta.

Saboda irin wannan, a ƙasan kowane kwali muna barin fili mu rubuta masa suna 'yan tawaye. Nan indapamide da chlorthalidone suke, suna aiki irin na tayazaid amma sunansu bai nuna ba. Nan verapamil da diltiazem suke, masu toshe kalsiyam ne ba tare da -dipine ba, kuma su suna rage bugun zuciya, shi ya sa ake gudun haɗa su da mai toshe beta. Nan kuma muke sa masu kama da 'yan gida alhali baƙi ne: stanozolol ya ƙare da -olol amma na gina tsoka ne, carbamazepine kuma na farfaɗiya ne, -pine ɗinsa ba -dipine ba ne. Malamai daga wannan filin suke son ɗauko tambaya.

Kwali bai gama aiki ba sai ya warware mara lafiya. Ranar Asabar bayan la'asar mukan kifa shi, ɗaya ta kawo labari, sauran su amsa. Ga irinsa: magidanci ɗan shekara 58, an auna jininsa sau da dama yana kaiwa 160/100, yana da asma, kuma gaut kan kama masa babban yatsan ƙafa. Me za a fara ba shi? Sai mu bi gurbi na shida, layi-layi. Propranolol ya fita saboda asma, ko masu karkata ga zuciyar ma ba a gaggawar ba shi su. Tayazaid ya fita, don U ɗin SUKA zai ƙara masa urik asid, gaut ya tashi. Saura -pril, -sartan da -dipine. A nan gurbi na huɗu zai yi magana: in ba ciwon sukari ko na ƙoda, baƙar fata sun fi amsa wa masu toshe kalsiyam fiye da -pril ko -sartan shi kaɗai. Amsa ita ce amlodipine, miligiram 5 sau ɗaya a rana, ana iya kaiwa 10. Sai mai tambaya ta ƙara: ya dawo idon sawunsa ya kumbura, a ba shi mai sa fitsari? A'a. Wannan kumburin daga buɗewar ƙananan jijiyoyi ne, ruwa ya tsattsafo cikin nama, ba ruwa ne ya yi wa jiki yawa ba. Rage adadin maganin ko haɗa shi da -pril ko -sartan ya fi yi masa amfani. Duk wadda ta tsaya a wani mataki, ta san gurbin da za ta koma ta gyara.

Gwajin ƙarshe kuwa ke kaɗai za ki yi wa kanki. Ki ɗauki farar takarda ki zana jadawalin daga ka, washegarin ranar da kika yi shi, sannan bayan kwana uku, sannan bayan mako. Inda kika bar gurbi fanko a nan ne kawai kike buƙatar sabuwar jimla. Adadin magani kuma kada ki dogara da nimonik a kansa, ranar da kika fara shiga wod ki duba littafin magunguna ko ki tambayi na gaba da ke kafin ki miƙa wa mutum ƙwaya.

Ki sayi kwali biyu da jan biro a makon nan, ki fara da layin -pril kaɗai, ki cika shi da kanki. Ranar Asabar ki zo da shi ɗakinmu, akwai shayi, za mu kawo miki labarin mara lafiya ki warware. Ki gaida 'yan ɗakinku. Allah Ya ba da sa'a.

Taki,
Yayarki ta ajin ƙarshe