Hoton majigi da jerin da ke bin bayansa

Mu mutanen Nima da Maamobi, da zarar an haska majigi a bango, hannuwanmu sun tashi sama da wayoyi. Ko ɗalibanmu ne a ajin darasi a Legon, ko mata a taron wayar da kai kan lafiya, ko maniyyata a wurin bitar aikin Hajji, ɗabi'ar ɗaya ce: a ɗauki hoton shafin kafin mai jawabi ya wuce zuwa na gaba. Kafin a tashi daga taron, hoton ya riga ya faɗa guruf ɗin dangi, da na masallaci, da na matan adashi. Daga nan sai saƙonni su fara shigowa. Hajiya ta ce rubutun ya yi mata ƙanana. Baba ya ce hoton ya ƙi buɗewa, datarsa ta ƙare. Yayanmu da ke Jamus ya ce a rubuto masa, domin yana so ya tura wa wani. Sai a nemi yaron gida mai saurin hannu, a ce masa: “Don Allah ka mai da mana wannan rubutu.”

A nan ne hira take daɗi a majalisar shayi, domin kowa yana da ra'ayi. Wasu sun ce aikin minti ɗaya ne, tunda waya tana karanta hoto da kanta. Mai Android yana da Google Lens, mai iPhone kuma yana da Live Text tun 2021. Gaskiya ne, waya tana kwaso kalmomi. Amma shafin majigi ba kalmomi kaɗai ya ƙunsa ba. Wanda ya tsara shi ya ajiye rabin maganarsa a wurin da kowane layi ya fara. Layin da ya fara daga bakin gefe uwa ce, wanda ya ɗan shiga ciki ɗanta ne, wanda ya ƙara shiga kuma jika. In an kwaso kalmomi aka jera su duka a bakin gefe, an raba 'ya'ya da uwayensu, kuma maganar za ta iya juyewa.

Mu ɗauki shafi irin wanda ake haskawa maniyyata kafin su tafi sansanin alhazai da ke kusa da filin jirgin Accra. Kansa “Shirin jakar maniyyaci”, yana da manyan ɗigogi uku, ƙarƙashin kowanne akwai ƙanana. Ga irin abin da waya takan fitar idan aka ce ta kwafe rubutun:

```
• Jakar hannu
o Takardu
Fasfo
Katin rigakafin shawara da
sankarau
o Maganin da ake sha kullum
0 Fawa banki
• Babbar jaka
o Harami da kayan sawa
o Almakashi da reza
Kada a dauka
o Goro
o Sakon da ba a san cikinsa ba
```

Kalli ɓarnar da kyau. Ɗigon da ke da rami a tsakiya ya koma harafin o, wani wurin ma ya koma sifili. Ƙananan alamomin da ke gaban fasfo da kati sun ɓace. Layi ɗaya da ya yi tsawo ya karye a kan majigi ya zama layi biyu, har sanƙarau ya tsaya shi kaɗai kamar wani abu ne dabam da za a zuba a jaka. Haruffanmu masu lanƙwasa sun miƙe, saƙo ya zama sako. Mafi muni shi ne “Kada a ɗauka”. A kan majigi babban kai ne, goro da saƙon da ba a san cikinsa ba suna ƙarƙashinsa. A nan ɗigonsa ya faɗi, sai ya manne da layin da ke samansa. Dattijon da ya karanta haka zai fahimci cewa almakashi da reza ne aka hana, goro kuwa ya shiga babbar jaka. Alhali goro na cikin abubuwan da ake gargaɗin maniyyata kada su shiga da su Saudiyya, almakashi kuma ba a hana shi ba muddin ba a jakar hannu yake ba. Duk kalmomin suna nan, amma umarnin ya juye.

Masu hannu a cikinmu ba sa farawa da rubutun da waya ta fitar. Suna farawa da hoton. Su buɗe shi, su faɗaɗa, su duba bakin hagu su ƙirga wurare nawa ne ɗigogi suke farawa. A shafinmu wurare uku ne, wato hawa uku. Idan mai ɗaukar hoton yana zaune a gefen zaure, shafin yakan fito a karkace, gefe ɗaya ya fi ɗaya faɗi, sai layukan ƙasa su yi kamar sun shiga ciki alhali ba su shiga ba. Shi ya sa ba a dogara da shigar layi kaɗai. Ana neman shaida ta biyu da ta uku: siffar ɗigon, da girman harafi. A mafi yawan shafuka, babban kai yana da manyan haruffa, na ƙasa da shi ƙanana, kuma sau da yawa kowane hawa yana da irin ɗigonsa. In shaidu biyu sun yarda, an gane hawan layin. In hoton ya karkace sosai, sai a fara miƙar da shi da abin gyaran hoto na wayar kafin a ci gaba.

Sai batun layin da ya karye. Dokar mai sauƙi ce: ɗigo ɗaya, layi ɗaya. Idan layi a cikin hoton ba shi da ɗigo a gabansa, kuma ya fara daidai ƙarƙashin harafin farko na layin da ke samansa, to ci gaban wancan ne, sai a haɗe su. Haka “Katin rigakafin shawara da sanƙarau” yake komawa abu ɗaya. Bayan haka a share duk tarkacen o da sifili, a maido da ƙ da ɗ da ɓ wuraren da suka faɗi, sannan a zaɓi ma'auni guda a tsaya a kai: babban kai ba shi da sarari a gabansa, hawa na biyu sarari biyu, hawa na uku sarari huɗu.

```
Shirin jakar maniyyaci
- Jakar hannu
  - Takardu
    - Fasfo
    - Katin rigakafin shawara da sanƙarau
  - Maganin da ake sha kullum
  - Fawa banki
- Babbar jaka
  - Harami da kayan sawa
  - Almakashi da reza
- Kada a ɗauka
  - Goro
  - Saƙon da ba a san cikinsa ba
```

Kafin a tura, a yi lissafi. A hoton akwai manyan ɗigogi 3, matsakaita 7, ƙanana 2, jimla 12. Rubutun da waya ta fitar layi 13 ne, kuma wannan ƙarin ɗayan shi ne alamar cewa wani layi ya karye. Da ya zo 11, sai a san wani ya ɓuya, wataƙila kan wani da ke gaba ya tare shi, ko hasken taga ya cinye shi. Irin wannan gurbi ba a cike shi da zato. A rubuta cewa layin bai fito ba, a tambayi wanda ya halarci taron. Haka nan ba a gyara wa mai jawabi tsarinsa don ana ganin wani tsari ya fi. An ba ka amanar kwafa ne, ba ta sake rubutu ba.

To, ga inda gardama takan yi zafi a tsakaninmu. Yaro ya gama aikinsa tsaf, ya zuba a WhatsApp, sai Hajiya ta aiko murya: “Ɗana, ni fa duk a jere nake ganinsu.” Ba laifin idonta ba ne. Tun 2024 WhatsApp yana mai da layin da ya fara da karan ɗori da sarari ya zama ɗigo nasa, amma ɗigon hawa ɗaya kawai ya sani. Kuma sarari biyu a haruffan saƙo na yau da kullum siriri ne ƙwarai, da ƙyar ake ganinsa a ƙaramar waya. Maganin farko shi ne a sa alamar nan ` sau uku a farkon jerin, sau uku a ƙarshensa. Hakan yana sa kowane harafi da kowane sarari su zama faɗi ɗaya, sai hawan ya tsaya inda aka ajiye shi. Iyakar wannan dabara ita ce faɗin allon waya: layi mai tsawo zai karye ya dawo bakin gefe, ya yi kama da babban kai.

Shi ya sa da yawa daga cikinmu suka fi son lambobi idan jerin na dattawa ne. Jakar hannu ta zama 1, takardu 1.1, fasfo 1.1.1, babbar jaka 2, kada a ɗauka 3, goro 3.1. Ko sarari ya gudu, ko an kwafe saƙon an tura shi hannu goma daga Maamobi zuwa Sabon Zango zuwa Kumasi, lambar da ke gaban goro tana faɗin cewa ɗan lamba uku ne. Kuma a unguwar da mutane da dama suka fi sauraro a kan karatu, lamba tana shiga saƙon murya. Jika zai karanta wa kakarsa: “Lamba uku, abin da ba a ɗauka, abu biyu ne a ƙarƙashinsa.” Sarari kuwa ba ya furtuwa da baki.

Ɗalibanmu da sakatarorin ƙungiyoyi suna da nasu ƙarin. Idan niyyar ita ce a sake gina shafin a PowerPoint, ba sarari ake amfani da shi ba, maɓallin Tab ne: shi ke tura layi hawa ɗaya ciki, Shift+Tab kuma ya dawo da shi. Kada a gauraya Tab da sarari a jeri ɗaya, domin kowace manhaja da faɗin da take ba Tab, sai abin da ya daidaita a kwamfutarka ya karkace a ta wani. Sannan idan mai jawabin yana nan kusa, hanya mafi gajarta ita ce a gaishe shi a roƙi ainihin fayil ɗin, tunda a cikinsa hawan kowane layi a rubuce yake, ba sai an yi ta auna hoto ba.

Amma galibi mai jawabi ya riga ya kama hanya, hoto kawai ke hannu, kuma akwai wata Hajiya da za ta haɗa jakarta bisa abin da aka turo mata. Don haka wanda aka ba aikin, kafin ya danna tura, ya ɗauki layin da ya fi haɗari a jerin, ya tambayi wani da bai ga hoton ba: “Goron nan, a wace jaka aka ce a sa shi?” In ya amsa da cewa ai ba a ɗauka, jerin ya isa a tura.