Buhun da ya dawo Madikali

To, 'yan "in an saya an saya", ku matso. Na san ku. Da kun hango mutum ya sauko daga kabu-kabu da buhun shinkafar da ya saya shekaranjiya, sai ciwon kunne ya kama ku nan take.

A Madikali mai sayayya ba daga maƙwabta yake fitowa ba. Wani daga Lolo ta Najeriya, wani daga Gaya, kuma tun da aka rufe gadar Malanbil a 2023 da yawa kwale-kwale suke shiga. Wanda ya biya kuɗin jirgi don ya maido buhu, in ka kore shi, jirgin nan zai koma, cike da mutane, ba abin yi sai hira. Sunan shagonka ne abin hirar.

Ka shigo da shi ciki, ka ba shi ruwa, a kira dillali ko maƙwabci a kwance buhun a gabansa. Na ji ka, Alhaji: "To in a jirgi ya jiƙa ta fa?" Madalla da wayo! Zura hannu. Ruwan kogi daga waje yake shiga: za ka ga tabo a gefe guda, tsakiya kuwa a bushe. In shinkafar ta dunƙule a tsakiya, tana warin ruma, ga ƙwari suna yawo, to daga ma'ajiyarka ta fito a haka, don ƙwaron shinkafa kan ɗauki kusan wata kafin ya girma. Ko kuwa naka a kwana biyu suke haihuwar jikoki?

Mu ce buhu mai kilo 50 ne, jaka 25, an ci kilo 10. Lissafi ya ce ka mayar da jaka 20. Ni na ce in aibin naka ne, ka fara tayin sabon buhu cikakke. In ya ƙi, ka miƙa 25 ɗin. Ka daina murza gemu, jaka 5 ce. Kuma malaman fiƙihu sun ba mai saye damar mayar da kaya in tsohon aibi ya bayyana, ba ni na ƙaga ba. In da naira ya biya, nairar ka mayar masa yadda ya bayar. Kada ka fake da canjin yau.

In laifin jirgi ne, ba ramuwa a kanka. Ka nuna masa tabon ba tare da ka ce ya yi ƙarya ba, a shanya wadda ta jiƙa, ka yi masa ragi a buhu na gaba.

Masu cewa kowa zai dawo da kaya in an saba, ku je ku ɗaga buhunanku daga ƙasa ku ɗora kan katako tukuna, sannan mu yi musu.