Jinjina ga Tabulet Sarkin Gem

Madalla da masu kawo mana ƙananan tabulet da Chromebook na gwanjo daga Kano, su baza su a shagunan Gashuwa da Nguru, har su iso mana Dapchi da albishir cewa yaro ya samu na'urar gem. Sun cancanci yabo, domin sayar wa uba abin da zai koya wa ɗansa haƙuri da sunan wasa ba ƙaramar fasaha ba ce.

A fara da kwalin. An rubuta RAM 8GB ɓaro-ɓaro, ga hoton mota tana tsere. Dubi karamci! Na gaskiyar sau da yawa giga 2 ne ko 3, sauran kuwa aro ne daga ma'ajiyar hotuna, wadda ba ta ko kusa da saurin RAM. Android kansa ya riga ya cinye kaso mai tsoka kafin yaro ya taɓa komai. Saboda haka Ludo King yana tafiya lafiya lau, Dream League Soccer ma yana lallaɓawa. Amma a buɗe Call of Duty Mobile, a nan tabulet ke nuna tarbiyya: ba ya gaggawa, yakan tsaya cak ya ba abokin gaba dama ya yi harbi tukuna.

Yana kuma da tausayin kansa. A watan Afrilu, lokacin da zafin Bursari ke haura digiri 40, na'urar da ba ta da fanka takan rage gudun injinta da kanta don kada ta ƙone. Shi ya sa gwajin minti biyu a shago yake da daɗi, bayan minti ashirin a gida kuwa bayanta ya ɗau zafi, hoto ya fara tsalle-tsalle. Idan aka jona caji ana wasa, zafin ya ƙaru, batir ya kama hanyar kumbura. Wato idan an samu wutar da za a jona.

Chromebook ya fi shi daraja, tunda ya yi karatu a makarantun Amurka kafin ya yi ritaya ya zo mana. Yana da Play Store, gaskiya ne. Sai dai da yawansu sikirin ɗinsu ba na taɓawa ba ne, gem ɗin kuwa an yi shi ne don yatsa. Yawancinsu ba su da wurin saka layi, sai wayar Baba ta ba su data. Wani ma makarantarsa ba ta sake shi ba, yana kulle, ba ya yarda a sa masa komai.

Amma babban abin yabo shi ne amsar mai shago: "Alhaji, ai ƙarfinsa ba matsala ba ne, yanzu ta intanet ake yi." Ya faɗi gaskiya rabi. A tsari irin GeForce NOW, wata babbar kwamfuta a nesa ce ke yin aikin, ta turo maka bidiyo, kai kuma ka aika mata abin da ka danna. Ko raggon tabulet zai iya nuna bidiyo. Sharaɗin kamfanin Nvidia ɗan kaɗan ne: megabit 15 a kowace daƙiƙa don hoto mai matsakaicin kyau, ba yankewa.

Mu yi lissafi. Megabit 15 sau daƙiƙa 3,600 na awa ɗaya, a raba da 8, ya kama kusan giga 7. Ke nan data ta giga 20, wadda gida guda zai yi wata yana lallaɓa ta, awa uku za ta yi. Kuma hukumar NCC ta taimaka, ta amince da ƙarin kashi 50 cikin ɗari na kuɗin kira da data a Janairun 2025, don yaro ya san darajar kowace ƙwallo da ya buga.

Saura jinkiri. Nvidia na son saƙo ya je ya dawo cikin ƙasa da milidaƙiƙa 80. Babbar kwamfutar ba ta Damaturu, ba ta Kano; sai can nesa, kamar Turai. Dannawar yaro za ta tashi daga eriyar Dapchi, ta ratsa ƙasa da teku, ta dawo ta tarar an riga an ci shi. Google ma da kansa ya rufe irin wannan kasuwa tasa, Stadia, a Janairun 2023, amma mai shagonmu ya fi Google ƙarfin zuciya.

Kada dai uba ya ɓata wannan ciniki mai albarka. Kada ya ce a sa ainihin gem ɗin da yaron ke so, a buga minti ashirin a gabansa, ya taɓa bayan na'urar. Kada ya buɗe Speedtest a ƙofar gidansa da magariba, lokacin da kowa ya hau layi, ya duba lambar ping. Idan ya yi haka zai fasa saye, mai shago kuma ya rasa wanda zai sayar wa na gaba.